Lambar kwali mai alƙaluma 18: ta yaya zan raba ta gida uku?

Mai sito a Jidda: Salamu alaikum 'yan zaure. Kowane kwali da ke shigo mana yana da lamba a haɗe, kamar 021240317000004589. Uku na farko yanki ne, shida na tsakiya rukunin kaya, tara na ƙarshe lambar kwalin kansa. Maigida yana so kowanne ya hau layinsa a Excel, kwali kusan dubu biyu. Da na buɗe fayil ɗin sai na ga 2.12403E+16.

Ɗan Makka: Sifilin farko ne ya faɗi, yaya. Mayar da shi da TEXT da sifili 18, shi ke nan.

Malamin lissafi: Sifilin zai dawo, ƙanena, amma wutsiyar ta riga ta tafi. Excel ba ya riƙe fiye da alƙaluma 15 a abin da ya ɗauka adadi ne, sauran sifili yake mayar da su. Mai sito, danna gidan ka duba sama, za ka ga 21240317000004500. Kwalin 4589 da na 4512 duk sun koma 4500, kuma babu dabarar da za ta dawo da su sai an koma fayil na asali.

Mai sito a Jidda: Wallahi haka ne, duk sifili biyu suke ƙarewa da shi!

Malamin lissafi: To kada ka adana shi a haka. Shigo da shi ta Data, From Text/CSV, ka shiga Transform Data, ka goge matakin Changed Type don layin ya zauna a Text. Sannan ka yanka:

```
=LEFT(A2,3)
=MID(A2,4,6)
=RIGHT(A2,9)
```

Za ka sami 021, da 240317, da 000004589. A MID, 4 wurin farawa ne, 6 kuma yawan abin da za a ɗebo; mutane kan sa 9 suna zaton wurin tsayawa ake nema. Kafin ka yarda da sakamakon, auna kowace lamba da `=LEN(A2)`. Duk wadda ba ta ba da 18 ba, ware ta, domin alƙalami ɗaya in ya ɓace a gaba, yanki zai ci na rukuni ba tare da wata alama ba.

Hajiyar kemis: Malam, na gwada irin wannan a lambar kwalin magani, rukunin ya fito a guntule.

Malamin lissafi: Naki daban ne, Hajiya, tsarin lambobin kaya na GS1 ne, inda kowane sashe ke farawa da 'yar lambar da ke nuna ko mene ne shi. Bayan 01 alƙaluma 14 ne, bayan 17 ranar lalacewa ce mai 6, amma rukunin da ke bin 10 ba shi da tsayayyen tsawo, yana iya kaiwa 20, har da haruffa. Ƙirge kaɗai ba zai raba shi ba.

Ɗan Makka: Ni dai Text to Columns da Fixed width ya fi min sauri, in dai ka sa kowane layi a Text.

Mai sito a Jidda: Na gode. Guda bakwai sun ba da 17, zan duba jikin kwalayen bayan la'asar.