Girgizar hoton bidiyo: wace kalma zan sa a takardar ɗalibai?

Mai Darasi: Salamu alaikum jama'a. Gobe da safe zan koyar da sababbin masu tace bidiyo, kuma na yi musu alkawarin takardar darasin za ta zo da Hausa zalla. Na kai kan abin da Premiere Pro ke kira Warp Stabilizer, DaVinci Resolve kuma ya rubuta Stabilization, sai na cije. Kalma biyu nake nema: sunan aikin kansa, da sunan ɓarnar da yake yi idan aka cika masa hannu, wato lokacin da bango ke motsi kamar ana kallonsa ta cikin ruwa. Na rubuta "daidaita hoto" amma bai kwanta min ba.

'Yar Kyamara: Wa alaikumus salam Malam. Ba zai kwanta ba, domin daidaitawa ta yi yawa a bakinmu. Muna daidaita launi, muna daidaita sauti, muna daidaita hoton da ya karkace. Ka ce wa yaro ya daidaita hoto, sai ya tambaye ka ta ina. Ni "kashe girgiza" nake cewa a wurin aiki, kowa kuma yana ganewa.

Malamin Nahawu: Ga kalma nan a gida: natsarwa. Hoto ya natsu, an natsar da shi, manhajar kuma manatsara. Kalma ɗaya ce tak, tana karɓar kowane gini, ba ta buƙatar jela. A sa ta a wuce wurin.

Ƙanin Kowa: Yaya, ka sayi gimbal kawai. Tun da na fara ɗauka da shi ban sake ganin girgiza ba.

Mai Darasi: Ƙanena, ba maganar ɗauka muke yi ba. An riga an ɗauko hoton da hannu, yana kan kwamfuta, gyara ya rage.

Tsohon Mai Tacewa: Kafin a zaɓi kalma a duba abin da manhajar take yi, don ina da ja a kan "kashe". Tana bin ɗigo-ɗigon da ke cikin hoton daga firem zuwa firem, ta gano hanyar da kyamara ta bi, ta zana wata hanya mai santsi kusa da ita, sannan ta riƙa gusar da kowane firem ya hau sabuwar hanyar. Da zarar an gusar da firem hagu, gefen dama ya zama wayam, baƙi ƙirin. Don ta ɓoye wannan sai ta zuƙo hoton ta datse gefuna. Ke nan duk santsin da ka samu da faɗin hotonka ka saye shi. Wanda aka koya masa cewa aikinsa kashe girgiza ne zai yi ta ƙara Smoothness har sai rabin abin da aka ɗauko ya fita daga allo. Rage ta ake yi. Shi ya sa ma a saitin Result na Warp Stabilizer aka raba biyu, Smooth Motion da No Motion. Na biyun ne kashewa, kuma ba ya aiki sai ga hoton da mai ɗauka ya tsaya wuri ɗaya yana ƙoƙarin kada ya motsa.

'Yar Kyamara: Na karɓa, Baba. To No Motion ɗin sai a ce "tsayar da hoto".

Tsohon Mai Tacewa: A'a 'yata, tsayar da hoto shi ne ka danna ya daina tafiya gaba ɗaya. "Kafe kyamara" ya fi, tunda ji za ka yi kamar a kan ƙafa uku aka ɗora ta. Resolve ma Camera Lock ya kira nasa.

Malamin Nahawu: Duk wannan bayani natsarwa ta ɗauke shi. Wanda ya natsu ai bai mutu ba, yana motsi, amma cikin hankali. Me ya sa kullum sai mun jero kalma biyu ko uku a inda wasu harsuna ke da ɗaya? Haka ake sa yara su raina harshen, su ɗauka ba ya iya ɗaukar ilimi.

Mai Fassara: Allah ya gafarta Malam, ma'anar ta yi kyau, matsalar a kunne take. Da yawanmu nutsuwa muke cewa, ba natsuwa ba. Ka ce "nutsar da hoton", yaro ya ji kamar a ruwa za a dulmiya shi. Kuma jera kalma biyu ba gazawa ba ce, ginin Hausa ne: jirgin sama, gidan waya, ɗan sanda. Babu wanda ya raina su.

Malamin Nahawu: Mahallin magana zai raba gardama. Wa zai dulmiya bidiyo a ruwa?

Ƙanin Kowa: Gaskiya mu dai sitabilaiza muke cewa. Idan ɗalibi ya je neman aiki ya ce manatsara, kallonsa za a yi.

Malamin Nahawu: Ka ji irinta. Aron da ba a bukata, ga namu a ajiye.

Mai Fassara: Kyamara da bidiyo da kwamfuta duk aro ne, Malam, kuma da su muke ta magana tun ɗazu. Amma a nan ina bayanka da rabi: sitabilaiza ba ta gaya wa sabon shiga komai. Sunan maɓallin a bar shi yadda yake a allo, aikin kuma a ba shi sunan Hausa.

Mai Darasi: Don Allah a dawo kan tambayata ta biyu, dare na yi. Ga hoton da zan nuna musu: daƙiƙa 12, ina bin wani mutum a baya cikin dogon baranda mai ƙofofi hagu da dama. Na ɗauka a 1920×1080, firem 25 a daƙiƙa, shota 1/50. Na ɗora Warp Stabilizer ban taɓa komai ba. Girgizar ta tafi, amma ƙofofin suna lanƙwashewa suna miƙewa, kan mutumin ya kusa taɓa saman allo, kuma duk taku ɗaya sai hoton ya yi dishi-dishi ya dawo.

Ƙanin Kowa: Fokas ne yake gudu, Yaya. Ni ma wayata tana yi min. Ka ɗauka a 4K komai zai gyaru.

Tsohon Mai Tacewa: Cuta uku ce ka lissafo, Malam, kowace da sanadinta, kuma kada ka ba su suna ɗaya.

Lanƙwasar ƙofofi daga Method take. Idan ba ka taɓa shi ba yana kan Subspace Warp, wanda ke jan sassan hoton daban-daban. A baranda, ƙofar da ke kusa da kai tana wucewa da sauri, ta can ƙarshe da kyar take motsi. Manhajar na son ta kwantar da su duka a lokaci guda, sai ta miƙe wannan ɓangare ta matse wancan, layin da yake a miƙe ya koma kamar roba. Ka mayar da shi Position, Scale, Rotation. Wannan yana gusar da firem ɗin ne dungurungum, ba ya murɗa cikinsa. Girgiza kaɗan za ta dawo, amma ƙofa za ta zauna ƙofa. Akwai wata lanƙwasar da tun a kyamara take shiga, saboda yawancin kyamarori layi-layi suke karanta hoto daga sama zuwa ƙasa, idan hannu ya fizga a tsakani sai abin da ke tsaye ya jirkice. Ita Rolling Shutter Ripple da ke ƙarƙashin Advanced yana rage ta in Method yana kan Subspace Warp ko Perspective, amma ba ya cire ta duka.

Kan mutumin kuma, duba lambar da ke gaban Auto-scale ka gaya min.

Mai Darasi: 125%.

Tsohon Mai Tacewa: To ka raba 1920 da 1080 da 1.25. Abin da ya rage maka 1536×864 ne, aka buɗa shi ya cika allo. Ka zubar da kashi ɗaya cikin biyar na faɗin, haka na tsayin, ga laushin da hoton ya ƙara. Smoothness yana farawa a 50%, kuma ya yi wa hoton tafiya yawa. Sauke shi zuwa 10 ka sake duba lambar. Ni a aikina, in hoton 1080 ya haura 110% sai na tsaya na yi tunani. A nan ƙaninmu yana da gaskiya: da 3840×2160 ka ɗauka kana fitarwa a 1080, kana da sarari har 200% kafin laushi ya shigo. Amma kan mutumin zai matsu duk da haka, domin gefen da aka datse ya tafi.

Na ukun ba fokas ba ne. A 1/50, duk lokacin da ƙafarka ta dira kyamara ta fizga, firem ɗin da aka ɗauka a wannan ƙiftawar ya shafe. Da hoton na girgiza ido ba ya lura, domin yana ganin motsin da ya jawo shafewar. Yanzu an cire motsin an bar shafewar, sai ka ga hoto a tsaye yana dushewa yana washewa ba dalili. Wannan babu maɓallin da ke gyara shi. Maganinsa a ranar ɗauka yake: in ka san za ka bi ta manhaja, ka ɗaga shota zuwa 1/100 ko 1/200, in haske ya isa.

Mai Darasi: Na gwada. Position, Scale, Rotation, Smoothness 10, Auto-scale ya sauko 108%. Ƙofofi sun miƙe, kan ya samu sarari. Ana jin takun tafiyar, amma kamar mutum ne ke bin mutum. Dushewar tana nan a wuri biyu, sai dai ba ta tsone ido kamar ɗazu.

Tsohon Mai Tacewa: Saboda ɗan motsin da ka bari yana rufa mata asiri. Ka koya musu gwajin nan: su cika allo da hoton, su daina kallon fuskar mutum, su kalli kusurwoyi da duk wani miƙaƙƙen layi, sannan su kashe gyaran su kunna. In na asalin ya fi daɗin kallo, a cire gyaran, ko a yanke daƙiƙun da suka fi muni a rufe da wani hoton.

'Yar Kyamara: Ita lanƙwasar "narkewa" nake ce mata. Bango ya narke.

Mai Fassara: Narkewa mun riga mun ba wa shigar hoto cikin hoto a hankali. "Malƙwaya" fa? Ko "lauyewa"?

'Yar Kyamara: Lauyewa sau ɗaya ake yi a zauna a haka. Wannan kuwa zuwa take tana dawowa.

Malamin Nahawu: To "kaɗawar ruwa", tunda shi mai tambayar da bakinsa ya ce kamar ta cikin ruwa. Kun ga ni ma na jera biyu. Amma natsarwa ban janye ta ba.

Mai Darasi: Na gode ƙwarai. Kan darasin zai zama "Rage girgiza", No Motion "kafe kyamara", sai "datsar gefe" da "dushewar taku". A jimlar farko zan rubuta cewa manufar ita ce hoto ya natsu, Malam, ko da ban sa manatsara ba. Ta lanƙwasar ce ban yanke ba. Zan nuna musu ƙofofin gobe kafin in faɗi komai, in ji abin da zai fara fitowa daga bakinsu.

Malamin Nahawu: Ba haka na so ba, amma a je a haka. Ka dawo mana da abin da suka ce.