Ina son samun dubu 200 duk wata bayan ritaya, nawa zan riƙa tarawa?

Baban Khalifa: Salam jama'a. Shekarata 45, saura 15 in aje aiki. So nake bayan fansho in riƙa cire dubu 200 duk wata har shekara 20. Nawa zan riƙa warewa daga yanzu? Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa min.

Maman Ikram: Wa alaikumus salam. Wata 240 sau dubu 200 miliyan 48 kenan, ka raba gida 180, kusan dubu 267 duk wata. Yaya, ka sayi fili kawai ka huta.

Malamin Lissafi: Hajiya wannan lissafin asusun ƙasa ne, kuɗin da ke kwance ba riba. Daga baya ake farawa. In inda ka zuba yana ba da kashi 1 cikin ɗari duk wata, miliyan 18 da dubu 164 ta isa ranar ritaya, don kana cira ragowar na ci gaba da haihuwa, sai a wata na 240 take ƙarewa tas. Tara ta a wata 180 kuwa kusan dubu 36,400 ne. A Excel:

```
=PV(1%,240,-200000)
=PMT(1%,180,0,-18164000)
```

Ɗan Kantin Kwari: Ni da aka buga min irin wannan dubu 96 ya fito, wa za mu yarda da shi?

Malamin Lissafi: Da rabin kashi ɗaya aka buga maka Alhaji, shi ya sa ake neman kusan miliyan 28. Duk daidai ne, ribar da aka ɗauka ce ta bambanta, kuma ba mai lamunce maka riba ɗaya har shekara 35.

Tsohon Akawu: Ku dai da lissafi. Ni na yi ritaya, kullum a takardar albashi ana cire min kashi 8, ashe wurin aikinmu ba sa turawa asusuna balle nasu kashi 10 ɗin, sai da na je cike takardu na ga watanni fayau ba komai, har yau ina yawo da fayil a leda. Ɗana ka fara neman takardar asusunka ka duba wata-wata.

Autan Gida: Baban Khalifa shekara 20 fa, ashe ka gama shawara da Mala'ika 😂 in ka kai 81 kuma fa?

Maman Ikram: Ribar nan ma ba kuɗin ruwa ba ne?

Malamin Lissafi: Akwai sukuk na gwamnatin tarayya tun 2017, a fansho ma akwai Fund VI mara ruwa. Tsadar kaya ta fi damuna. In tana hawa kashi 15 a shekara, dubu 200 ɗin, nan da shekara 15 abin dubu 25 na yau za ta saya.

Ɗan Kantin Kwari: Wanda bai taɓa karɓar fansho ba ya bar Baba ya yi magana mana.

Tsohon Akawu: Ni dai a faɗa min inda ake kai ƙarar masu cire kuɗi ba sa turawa, hukumar fansho PenCom ce ko kotu?