Neman kalma: me za mu kira abin da * ke yi a bash?

Hadiza: Assalamu alaikum. Jibi zan koyar da bash, manhajar da ke karɓar umarnin da aka rubuta wa kwamfuta, da Hausa, amma kalma ɗaya ta tsaya min. Wata ɗaliba ta rubuta wannan don neman duk fayilolin da sunansu ya ƙare da `.txt`:

```
find . -name *.txt
```

A wata folda ya yi aiki, a wata ya kawo fayil ɗaya tak, a ta uku ya ce `paths must precede expression`. Me zan kira abin da tauraron nan ke yi?

Malam Sanusi: Wa alaikumus salam. Ki fara nuna musu cewa `find` ba ya ma ganin tauraron. Bash ne ke duba foldar da ake ciki, ya maye gurbin `*.txt` da sunayen da suka dace, sannan ya miƙa. In fayil ɗaya ne, `rahoto.txt`, shi kaɗai za a nema. In biyu ne, na biyun ya zama bare, shi ne kuskuren da ta gani. In babu ko ɗaya, bash ya bar tauraron yadda yake, sai abu ya yi aiki bisa sa'a. Ni "warwarewa" nake cewa.

Auwal: Maganinsa alamar zance tilo, `'*.txt'`. Tagwaye ba sa hana komai.

Malam Sanusi: Suna hana tauraro, Auwal. Dala ce ba sa hanawa: `echo "$HOME"` zai buga hanyar foldarka, `echo '$HOME'` kuwa haruffan zai dawo maka da su.

Baba Ilu: Warwarewa ta yi faɗi. Wannan "jefa koma" ne: ka jefa, duk sunan da ya shiga ka kama.

Auwal: Baba, a bar shi gilob kawai, yadda ake ce masa da Turanci. Duk wanda ya je bincike da shi zai ci karo.

Baba Ilu: Haka kuka cika mana harshe da aro, yaro. Sai abu ya fito daga bakin Bature yake da daraja a wurinku?

Auwal: To kwamfuta fa, Baba? Da me kake rubutun?

Rakiya: Ni nawa ba tauraro a ciki. Na sa `f="rahoton wata.txt"`, na ce `rm $f`, ya ce ba fayil mai suna `rahoton`, ba mai suna `wata.txt`. Shi ma komar ce?

Malam Sanusi: A'a, Malama Rakiya. Bayan bash ya warware `$f`, ya datsa shi a wurin tazarar, ya zama suna biyu. `rm "$f"` za ki rubuta. Shi ya sa nake son kalmar da ta haɗa dala da tauraro.

Hadiza: Na gode. Zan sa "warwarewa" ga duka biyun, "killacewa" ga sa alamar zance. Na tauraro kuma in ce jefa koma, in ambaci gilob sau ɗaya.

Baba Ilu: Sau ɗayan ma ya yi yawa, 'yata. Amma je ki.

Rakiya: To datsawar nan fa, ita ba ta samu suna ba?