Narkarwa ko tuge turke? Neman Hausar matakai uku na Lewin

Hadiza, Unguwar Rimi: Jama'a a agaza mini. Zan yi wa ma'aikata bita da Hausa kan matakan canji uku da masanin halayyar ɗan Adam Kurt Lewin ya kawo a 1947, waɗanda a Turance ake ce wa anfiriz, canji, rifiriz. Na rubuta narkarwa, canzawa, daskararwa, amma a kunnena kamar hirar mai sayar da ƙanƙara.

Bala Kawo: Ai fassarar kenan, Hajiya. Ƙanƙara mai siffar kofi ba ta komawa siffar kwano sai ta narke. A bar shi haka.

Malam Sani: Hoton ya fita, Bala, amma me ake narkarwa? Sabo ne. Mu kuwa cewa muke sabo turken wawa. Don haka ni zan ce tuge turke, sauya wuri, kafa turke. Matakin farko ba sanarwa ba ce a allo, a'a, mutane su gani da idonsu cewa tsohuwar hanya ta daina kai su. Lewin ya nuna cewa rage abin da ke riƙe mutum ya fi ƙara tura shi, don turi turjiya yake haifarwa.

Maman Khalifa, Barnawa: Kamar makarantarmu kuke faɗa. An ce daga zangon nan kuɗin makaranta ta banki kawai. Kashiyarmu, shekararta 12 da littafin rasit, ta amsa da to, littafin kuma yana nan cikin durowa. Uba ya zo da kuɗi a hannu yana roƙo, ta karɓa. Kafin wata 3 rabin iyaye sun koma tsabar kuɗi. Taurin kai ne kawai.

Malam Sani: Ban ga taurin kai ba, Maman Khalifa. Da, ita ke ɗaga wa uba ƙafa zuwa ƙarshen wata, ana gaishe ta saboda haka. Sabon tsari ya ƙwace mata wannan, ga tsoron kada banki ya cinye kujerarta. An tambaye ta kafin a yanke? A 1948 masu bincike Coch da French sun wallafa yadda suka gwada haka a wata masana'antar ɗinkin kayan barci a Amurka: waɗanda aka yi shawara da su sun fi saurin komawa yawan aikinsu na da. Sannan ku ba ku kafa turke ba. Muddin tsohon littafi na durowa, hanyoyi biyu na tafiya tare, canji bai zauna ba. Da an karɓe littafin, an ba ta aikin daidaita rasit ɗin banki.

Bala Kawo: To amma Malam, ma'aikaci zai yarda a kira shi dabba a turke? Ko wawa?

Hadiza: Nan ne fa. Don sunan ƙin karɓar canji, turjiya dai na ɗauka, ta fi bijirewa, wadda ke da ƙamshin laifi. A sunan matakin farko da na uku kuma ina tsakanin turken Malam da sassautawa da tabbatarwa. Bitar ranar Laraba ce, zan gwada duka biyun in ga wanda ba a yamutsa fuska ba.