Abin da 'yan kasuwa suka ce kan neman ragin kuɗin hayar shago a Jidda

Na tattaro shawarwarin da aka ba ɗan'uwanmu mai shagon jallabiya da turare a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, wanda ciniki ya yi masa sanyi bayan tafiyar alhazai.

1. Kusan kowa ya yarda ya je wurin mai gida tun kafin ranar biya ta zo. Wanda bashi ya riga ya hau kansa ba shi da bakin neman ragi.

2. Ya tafi da littafin ciniki, ya ajiye na watan azumi kusa da na Muharram da Safar, mai gida ya ga gibin da idonsa. Kuma ya faɗi adadi. In hayar riyal 40,000 ce a shekara, ana biya kashi biyu, ya ce yana roƙon a sauke 4,000 daga kashin da ke tafe kawai. Ragin wucin gadi ya fi saurin karɓuwa.

3. A nan aka rabu. Wasu sun ce ya nuna zai tashi, tunda shagon da ya zauna a rufe wata uku ya ci wa mai gida 10,000. Dattawa suka ce kul, don a layi mai cikowa akwai masu jiran shagon. Ni ina bayan dattawa, sai dai in ya ga shaguna a rufe a layinsa.

4. In an ƙi ragi, ya nemi a raba biyan kashi huɗu.

5. Duk abin da aka daidaita a shigar da shi kwangilar Ejar, manhajar gwamnatin Saudiyya ta rajistar haya. "Na yafe maka" a baki ba ya goge adadin da ke rubuce, kuma magada ko wakili da shi za su riƙe ka.