Daga PS4 zuwa PS5 ba tare da an sake sauke gem ba

Salam yan uwa. Na sayi PS5 a Sabon Gari, PS4 dina kuma cike take da gem wajen 400GB. Ya zan kwashe su da sebin dina ba sai na sake dawunlodin ba? Kudin data ba zai yiwu ba wallahi.

Na Samaru: Wa alaikumus salam. Kar ka sayar da tsohuwar tukuna. Ka hada su biyun a rauta daya, akawun daya, ka tabbata PS4 din ta yi sabon ofdet. A PS5 shiga Settings > System > System Software > Data Transfer, zata ce ka danne madannin kunna PS4 har ya yi kara, sai ka zabi gem da sebin. Kayan tsakanin injinan biyu suke tafiya, ba ta intanet ba, datar da zaka kashe ta shiga akawun ce da ofdet. Ka nemi wayar LAN ka jona su, da Wi-Fi kadai 400GB zai iya kwana yana tafiya, kuma in ba inbata ko janareto ka hakura, ba a so wuta ta dauke ana tsakiya.

Dan Kongo: Eksitanal ya fi sauki ai, tura komai ciki ka cire ka soka a PS5 shikenan har sebin.

Na Samaru: Gem din kam zai tashi kai tsaye daga eksitanal, in dai USB 3.0 ne, 250GB zuwa 8TB, ka yi masa Format as Extended Storage (zai goge duk abin da ke ciki fa). Amma sebin baya binsa abokina, yana zaune a cikin injin. Sai ka samu filash daban, a PS4 shiga Settings > Application Saved Data Management > Saved Data in System Storage > Copy to USB Storage Device, sannan ka kwafa a PS5. Kuma akawun din da ya yi sebin ne kadai zai bude shi.

Yar Tudun Wada: Tambaya daya malam, gem din a akawun dinka ka saya ko a shago aka loda maka? Na kanina a shago aka loda, mun kwashe lafiya lau amma duk suka fito da alamar kwado, saboda lasin yana akawun din mai shagon, mu kuma ba mu da faswod.

Mai tambaya: Rabi nawa ne, sauran lodawa aka yi.

Na Samaru: Naka zasu bude. Sauran sai mai shagon ya shiga akawun dinsa a PS5 dinka ya kunna Console Sharing and Offline Play, in ya yarda kenan, don PS5 daya akawun ke iya yi wa haka a lokaci guda. In kuma PS4 din kutsen jelbirek aka yi mata ka manta da wadancan, ba zasu tashi ba.

Dan Gyallesu: To ni da na riga na sayar da tawa fa, akwai yadda zan dawo da sebin?