Yadda kuke raba nassi da sharhi a takardar lacca

Ɗalibin Zaure: Assalamu alaikum. An ba ni minti ashirin da biyar in gabatar da lacca a walimar saukar ɗaliban Islamiyyarmu, na kuma rubuta ta tsaf. A takarda ba matsala, ayoyi suna cikin baka biyu, hadisai na ja musu layi. To amma mai sauraro ba ya ganin baka, ba ya ganin layi. Da na karanta wa ƙanena, sai ya tambaye ni ko maganar da na yi kan haƙƙin malamin makaranta tana cikin hadisin ne, alhali tawa ce. Waɗanda suka saba hawa mumbari ko magana a rediyo, don Allah yaya kuke tsara takardarku?

Na'ibin Liman: Wa alaikumus salam. Ni dai murya ce take raba min. Aya ina karanta ta da ƙira'a, hadisi ina karanta Larabcinsa a hankali, in na dawo Hausa kowa ya san ni ne. Shekara da shekaru haka nake yi a masallacinmu ba wanda ya taɓa ƙorafi.

Malam Mai Musɗalahi: Allah ya saka, Na'ibi, murya tana raba Larabci da Hausa. Sai dai ba a nan ake ruɗewa ba. A cikin Hausar ake ruɗewa, tsakanin fassarar nassi da bayanin da malam ya ɗora mata, domin duka biyun da murya ɗaya suke fitowa, kuma yawancin masu sauraro Hausar kawai suke kamawa. Rashin ƙorafi ba ya nuna sun raba, wanda ya ruɗe bai san ya ruɗe ba.

Wannan matsala ta girme mu. Malaman hadisi suna kiran ta idraji, wato maganar mai ruwaya ta shige cikin hadisi har a zaci ta Annabi ce, sallallahu alaihi wa sallam. Akwai ƙissar alƙali Sharik ɗan Abdullahi, wanda ya rasu a shekara ta 177 bayan hijira. Yana zaune yana yi wa ɗalibai shifta, ya kawo isnadi daga A'amash, daga Abu Sufyan, daga Jabir, ya ce Manzon Allah ya ce, sai ya yi shiru don masu rubutu su cim masa. A daidai nan Sabit ɗan Musa, wani bawan Allah mai yawan ibada, ya shigo. Sharik ya dube shi ya ce duk wanda sallarsa ta yawaita da dare fuskarsa za ta yi kyau da rana. Yabon Sabit yake yi. Shi kuwa Sabit ya ɗauka matanin wancan isnadin ne, ya riƙa ruwaito shi a haka, har maganar ta shiga Sunan na Ibnu Majah. Ba wanda ya yi nufin ƙarya. An buɗe ƙofar hadisi ne, sai wata magana ta riga hadisin shiga.

Saboda haka abu na farko da nake kiyayewa a takardata: in na rubuta "Manzon Allah ya ce", abin da ke biye nassi ne, ba gaisuwa ga baƙon da ya shigo, ba "jama'a ku saurara da kyau" ba. Duk wani jan hankali ina sa shi kafin wannan jimla. Na biyu, kowane nassi yana da jimlar rufewa a rubuce, ba na barin ta ga tunani. "Nan hadisin ya ƙare." "Iyakar ayar ke nan." "Wannan maganar Imamu Malik ce, yanzu ga nawa bayanin." Magabata suna rubuta intaha, wato ya ƙare, a ƙarshen abin da suka ciro, mu da muke magana da baki sai mu faɗe ta da Hausa.

Maman Hafsa: Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni tawa matsalar ta wani gefen ce. Ina karantar da matan aure da yamma, kuma abin da na fi gyarawa shi ne ayar da aka ji a wa'azin biki. Mace za ta zo ta ce ai Allah da kansa ya ce makircin mata babba ne. Sai in buɗe mata Suratu Yusuf aya ta 28, mu karanta daga baya kaɗan, ta ga cewa Allah yana ba da labarin abin da aka faɗa ne lokacin da aka ga rigar Annabi Yusuf a yage ta baya, kuma yawancin masu tafsiri sun ce mijin matar ne ya faɗa mata. Mai wa'azin bai yi ƙarya ba da ya ce "Allah yana cewa", aya ce. Amma ya bar rabin gabatarwar. Ni yanzu a takardata, in aya tana ɗauke da maganar wani, haka nake rubutawa: "Allah yana ba mu labarin abin da mijin matar ya ce mata." Haka in Fir'auna ne a Nazi'at yake cewa shi ne ubangijinsu maɗaukaki, sunan Fir'auna ne zai fara shiga kunne kafin maganar.

Abban Sadiƙ: Ɗalibi, ka tabbata an gwada lasifika tun kafin mutane su taru. A walimar da muka yi bara amsa-kuwwa ce ta ɓata komai, na baya ba su ji ko aya ɗaya ba. Kuma ka nemi janareto na ko-ta-kwana.

Ɗalibin Zaure: Na gode Abba, za a kula. Tambayar tawa dai kan rubutun ce. Malam, hadisin Jibrilu nake son kawowa, na biyu a Arba'una Hadisi na Imamu Nawawi. Da na fassara shi sai ya cika da "ya ce, ya ce", ni kaina sai na koma Larabcin nake gane mai magana.

Malam Mai Musɗalahi: Ka zaɓi mai wuya, amma da shi ake koyo. Larabcin ƙala, ƙala yake yi, mai karatu yana bi da ido. Kai ka cire "ya" ka sa suna. Ga yadda zan rubuta shi in ni ne:

"Hadisi ne da Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar. Murya uku za ku ji a ciki: Umar mai ba da labari, wani baƙo mai tambaya, da Manzon Allah mai amsawa. Umar ya ce, wata rana muna zaune wurin Manzon Allah sai ga wani mutum mai fararen tufafi ƙal, mai baƙin gashi wuluk. Baƙon ya ce, ya Muhammadu, ba ni labarin Musulunci. Manzon Allah ya ce..." sai ka kawo rukunnan biyar. "Baƙon ya ce, ka yi gaskiya. Umar ya ce, sai muka yi mamakinsa, yana tambaya kuma yana gaskatawa."

Ka lura da jimlar ƙarshe. In ba ka maimaita sunan Umar ba, "muka yi mamaki" za ta faɗa bakin wanda ya gama magana, ko a zaci kai ne kake sharhi. Kada kuma ka yanke hadisin a tsakiya ka shiga bayanin zakka na minti biyar sannan ka ce "sai ya ce". Wa ya ce? An manta. Ko dai ka kai shi ƙarshe, inda Manzon Allah ya gaya wa Umar cewa Jibrilu ne ya zo yana koya musu addininsu, ka rufe, sannan ka dawo gaɓa-gaɓa, ko kuma duk inda ka tsaya ka ce "bari mu dakata da hadisin", in za ka koma ka ce "mu koma hadisin, baƙon ya sake tambaya".

Hadisi ƙudusi ya fi wannan buƙatar kula. Na Abu Zarri, na 24 a Arba'una, yana farawa da "ya bayina, na haramta wa kaina zalunci". Kafin ka furta "bayina" sai ka faɗa a fili cewa Manzon Allah ne yake ruwaitowa daga Ubangijinsa, Allah ne mai magana, kuma ba ayar Alƙur'ani ba ce. Ina yawan jin yara suna neman sa a Mus'hafi.

Mai Tace Sauti: Ni ba malami ba ne, aikina yanka da haɗa shirye-shiryen addini a wani gidan rediyo. Abin da nake gani shi ne mai sauraro ba ya farawa daga farko. Yana kunna rediyo a tsakiya, ko a turo masa guntun daƙiƙa talatin a waya. Mafi hatsari shi ne inda malam yake kawo maganar da zai yi wa raddi. Ya ce "masu wannan ra'ayi suna cewa" sau ɗaya, sannan ya yi minti biyu yana zuba hujjarsu da bakinsa, har da "mu a wurinmu". A yanke wannan a watsa, shi ke nan an ce shi ya faɗa. Na ga wanda ya sha zagi mako guda a kan haka. Shawarar da nake ba masu zuwa ɗaukar shiri: maganar abokin saɓani kada ta wuce jimla biyu ba a sake cewa "in ji su" ba, kuma kada a yi ta da "ni" ko "mu". A takarda kuwa, nassi ya zauna a layinsa shi kaɗai da manyan baƙaƙe, a bar fili sama da ƙasa. Filin nan shi ke tuna wa mai karatu ya ja numfashi.

Na'ibin Liman: Duk na ji, amma in aka bi wannan sai lacca ta koma karatun kotu. Ga sunan littafi, ga lambar hadisi, ga "ya ƙare", ga "na dawo". Tsoho a sahun gaba me zai yi da lamba? Mu a ƙarshen aya sadaƙallahul azim muke cewa, kowa ya san an rufe.

Maman Hafsa: Lambar kam na yarda da kai, Malam Na'ibi, ni ma ba na karanta ta, tana gefen takarda don mai tambaya bayan an tashi. Sunan sura da wanda ya ruwaito sun isa. Amma sadaƙallahu Larabcin take rufewa, fassarar fa? Ga shi kuma wasu malaman ba sa ganin a lazimce ta, kada yaro ya jawo wa kansa wata muhawarar a walima.

Malam Mai Musɗalahi: Ba sai an yi ta da nauyi ba. Dubi Abu Huraira a ruwayar Buhari: ya wuce mutane suna alwala, ya ce ku cika alwala, domin Abul Ƙasim ya ce azabar wuta ta tabbata ga dugadugai. Nasiharsa daban, sunan Annabi a tsakiya, sannan nassi. Wasu masu ruwaya da suka jefar da tsakiyar sai duka ya zama hadisi ɗaya a ruwayarsu. Kalma uku ko huɗu ne suka raba. In kuma ma'ana ka kawo ba lafazi ba, ka faɗa tun farko cewa ma'anar hadisin ce, ka rufe da au kama ƙala, wato ko kamar yadda ya faɗa.

Inda ni kaina nake canzawa shi ne wurin ambaton wanda ya ruwaito. A huɗuba nakan bar shi ƙarshe, "Buhari ne ya ruwaito", sai ya zama shi ne murfin. A lacca nakan sa shi farko.

Mai Tace Sauti: Farko dai, Malam. In an yanke ƙarshen fa?

Na'ibin Liman: In an yanke farkon fa? Ni ƙarshe na gada wurin malamaina, haka ma Nawawi ya jera nasa.

Ɗalibin Zaure: Zan sa Muslim a farko tunda hadisin dogo ne, gajerun kuma a ƙarshe. Malama, ayar da zan buɗe da ita wasiyyar Luƙman ce ga ɗansa, aya ta 13. Na gyara ta koma "Allah yana ba mu labarin abin da Luƙman ya ce wa ɗansa". To aya ta 14 da ta 15, masu maganar iyaye, su ma Luƙman ne?

Maman Hafsa: A'a ƙanena, a nan Allah ne yake magana da kansa, "mun yi wa mutum wasiyya game da iyayensa". Luƙman sai a ta 16 yake dawowa da "ya ƙaramin ɗana". Ka rubuta gabatarwa uku, ba ɗaya ba.